Kama da wane ba ta wane: ɗauke tambaya daga wannan rumbu zuwa wancan

Ƙannena, wata rana za a miƙo muku tambayar SQL da ta yi shekaru tana aiki lafiya, a ce an sauya rumbun bayanai, ku gyara ta ta yi aiki a sabon. Za ku duba ku ga layi shida ne, ku ce aikin minti goma ne. Ni ma haka na ce, kuma abin da ya biyo baya shi ya sa na zauna ina rubuta muku wannan.

Wani kamfani ne mai sayar da kaya a sari, yana bai wa 'yan kasuwa kaya bashi, kowa da ranar da ya yi alkawarin biya. Bayanansu suna cikin MySQL, sai suka koma SQL Server na 2016 saboda sabuwar manhajar lissafin da suka saya. Cikin abubuwan da aka ba ni in ɗauke har da tambayar da ke fito da sunayen waɗanda ranar biyansu ta wuce da fiye da kwana 30, goma-goma a kowane shafi, domin a riƙa kiran su. Na rage mata wasu abubuwa don ta yi sauƙin karatu, amma ƙashin bayanta ke nan, a yadda take fito da shafi na uku:

```sql
SELECT CONCAT_WS(' ', suna, sunan_uba, lakabi) AS cikakke,
       DATEDIFF(CURDATE(), ranar_biya) AS kwanaki
FROM bashi
WHERE DATEDIFF(CURDATE(), ranar_biya) > 30
ORDER BY kwanaki DESC
LIMIT 20, 10;
```

Da na liƙa ta a SQL Server, sai ya yi ta ƙorafi. Bai san `CURDATE` ba, bai san `CONCAT_WS` ba, bai yarda da `LIMIT` ba, kuma ya ce `DATEDIFF` abu uku yake karɓa, ba biyu ba. Na bi ƙorafin ɗaya bayan ɗaya ina gyarawa har jan rubutu ya ƙare, sakamako ya fito: sunaye, da adadin kwanaki a gefensu, duk sun haura 30. Na miƙa aiki.

Washegari aka kira wata hajiya mai shago aka ce mata bashinta ya wuce lokaci da kwana arba'in da wani abu. Matar nan ba ta taɓa saɓa alkawari ba, kuma ranar biyanta ba ta ma zo ba. Ta ji zafin abin ƙwarai, kuma tana da gaskiya, domin a kasuwa mutuncin mutum shi ne jarinsa. Waɗanda bashinsu ya daɗe da gaske kuwa, babu ko ɗaya a jerin.

Abin da nake so ku riƙe daga wannan labari shi ne cewa duk ƙorafin da rumbu ya yi muku taimako ne. Inda ya yi ƙorafi, ya nuna muku wurin gyara da yatsa. Abin tsoro shi ne inda ya karɓi abin da kuka rubuta bai ce uffan ba, ya fahimce shi ta wata fuska dabam, ya ba ku amsa mai kama da gaskiya. Rumbunan nan sun yi tarayya a kalmomi da yawa, amma kamar mudu ne: sunansa ɗaya a kowace kasuwa, cikinsa ne ba ɗaya ba. Wanda ya sayi hatsi a wata kasuwa ya kai wata yana lissafi da sunan mudu, bai auna ba, ya san abin da nake nufi.

Bari mu fara da inda na faɗi, wato lissafin kwanaki.

A MySQL, `DATEDIFF(a, b)` yana nufin a cire `b` daga `a`. Ranar da ta fi kusa da mu ita ake fara rubutawa, tsohuwar ta biyo baya. A SQL Server kuwa, `DATEDIFF(day, a, b)` yana nufin daga `a` zuwa `b`, wato mafari ake fara rubutawa, sannan ƙarshe. Ni abin da na yi kawai shi ne na ƙara `day` a gaba, na maye `CURDATE()` da `GETDATE()`, na bar sauran yadda na same su. Da wannan sai lissafin ya juye gaba ɗaya.

A ce yau 15 ga Maris 2024 ne. Wani alhaji ya yi alkawarin biya ranar 10 ga Janairu, bai biya ba. Daga 10 ga Janairu zuwa 15 ga Maris kwana 65 ne, tunda Fabrairun 2024 kwana 29 ya yi. MySQL yana ba da 65, sunansa ya fito. Tawa tambayar ta ba da -65, wanda bai kai 30 ba, sai sunansa ya ɓace. Ita kuma hajiya ranar biyanta 30 ga Afrilu ce, saura kwana 46. MySQL yana ba da -46, ya ƙyale ta. Tawa ta ba da 46, ta sa ta cikin masu taurin bashi. Da a ce kamfanin ba ya ba da bashi mai dogon wa'adi, da jerin ya fito fayau babu kowa, da nan take na gane akwai matsala. Amma akwai masu wa'adin wata biyu da yawa, sai jerin ya cika da sunaye da lambobi masu kyan gani. Kuskuren ya sami inda zai ɓuya.

Ko da kun daidaita wannan, akwai wani bambanci a ƙarƙashinsa wanda ya fi shi zurfi. `DATEDIFF` na SQL Server ba tsawon lokaci yake aunawa ba, iyakoki yake ƙirgawa: tsakar dare nawa aka tsallaka, farkon wata nawa, farkon shekara nawa. A lissafin kwana wannan ba ya kawo saɓani, domin MySQL ma yana watsar da awa da minti ne ya duba ranakun kawai. A lissafin wata ne rigimar take. Kamfanin nan yana da wani rahoto da ke kasa basussuka gwargwadon watannin da suka yi, kuma an rubuta shi da `TIMESTAMPDIFF(MONTH, a, b)`. Wannan umarni na MySQL cikakkun watanni yake ƙirgawa. Jerin abin da ake ba shi iri ɗaya ne da na `DATEDIFF(month, a, b)` na SQL Server, shi ya sa hannu ke saurin maye ɗaya da ɗaya. To ku gwada su da 31 ga Janairu da 1 ga Fabrairu. MySQL zai ce 0, domin kwana ɗaya ne tsakaninsu. SQL Server zai ce 1, domin an tsallaka farkon wata. Haka ma 31 ga Disamba da 1 ga Janairu, a wurinsa shekara ɗaya ce. Idan akwai tara da ake ɗorawa a kan kowane wata na jinkiri, kun ci mutum tarar wata guda a kan kwana ɗaya. Babu wanda ya yi ƙarya cikin rumbunan biyu. Tambayoyi biyu dabam suke amsawa, ku ne za ku je ku tambayi mai kamfani wacce yake nufi.

Shawarata a nan, ku rage dogaro da waɗannan umarnai a cikin `WHERE`. Maimakon ku ce a lissafa kwanakin kowane layi sannan a duba ko sun haura 30, ku lissafa ranar iyaka sau ɗaya, ku ce a kawo duk wanda ranar biyansa ta gabace ta. Kwana 30 kafin 15 ga Maris 2024 shi ne 14 ga Fabrairu. Sharaɗin sai ya zama `ranar_biya` ta kasance ƙasa da 14 ga Fabrairu, kuma alamar `<` ma'anarta ɗaya ce a kowane rumbu. Akwai ƙarin riba: idan ginshiƙin yana da fihirisa, rumbu zai iya zuwa kai tsaye inda ranakun suke, alhali idan kun naɗe ginshiƙin cikin `DATEDIFF` yawanci sai ya bi layukan duka yana lissafi.

Amma ku lura da abin da kuke kira “yau”. `CURDATE()` rana ce zalla, ba ta da awa. `GETDATE()` kuwa yana zuwa da awa da minti da daƙiƙa. Idan kuka cire kwana 30 daga `GETDATE()` da ƙarfe huɗu na yamma, iyakarku ta zama 14 ga Fabrairu da ƙarfe huɗu, wanda ranar biyansa ita ce 14 ga Fabrairu daidai sai ya faɗo ciki, alhali kwana 30 cif ya yi, bai haura ba. Maganin shi ne `CAST(GETDATE() AS date)`. Sannan ku tambaya agogon wa ake dubawa. `GETDATE()` agogon kwamfutar da rumbun ke zaune a kanta yake karantawa, kuma a Azure SQL Database lokacin UTC yake bayarwa. Nijeriya da Nijar suna gaban UTC da awa ɗaya. Rahoton da aka tsara ya riƙa fita da ƙarfe 12:30 na dare, a wurin irin wannan rumbu har yanzu jiya ce, duk lissafinsa zai kasa da kwana ɗaya. Da rana kuka gwada ba za ku ga komai ba.

Abu na ƙarshe a kan ranaku, yadda ake rubuta su da hannu. Wanda ya tashi a MySQL ya saba da `'2024-03-04'`, kuma yana da tabbacin 4 ga Maris ke nan. A SQL Server, idan nau'in ginshiƙin `datetime` ne kuma an saita harshen mai shiga a kan Ingilishin Birtaniya ko Faransanci, za a karanta wannan rubutu a matsayin 3 ga Afrilu. Idan lambar ƙarshe ta haura 12 zai yi ƙorafi, ku gane. Idan ba ta haura ba zai karɓa shiru. Ku rubuta `'20240304'` babu tsinke a tsakani, wannan ba ya canzawa da harshe. 'Yan'uwanmu da ke aiki a ofisoshin da ake saita komai da Faransanci, wannan ya fi shafar ku.

Yanzu haɗa suna. A teburin nan ginshiƙi uku ne: suna, sunan uba, da laƙabi. Kowa yana da suna, yawanci suna da sunan uba, amma laƙabi ba kowa ba, don haka a layuka da yawa `NULL` ne a wurin. Ku tuna `NULL` ba rubutu ne marar komai ba, alama ce ta cewa ba a san abin da ke wurin ba. Kowane rumbu yana da ra'ayinsa a kan abin da zai faru idan aka haɗa abin da aka sani da wanda ba a sani ba, kuma a nan ne suka fi saɓawa.

`CONCAT_WS` na MySQL yana tsallake `NULL`, ya sa tazara tsakanin waɗanda suka rage. SQL Server bai sami wannan umarni ba sai a na 2017, mu kuma na 2016 muke da shi, sai na koma ga alamar `+` da aka saba haɗa rubutu da ita a can. Na rubuta `suna + ' ' + sunan_uba + ' ' + lakabi`. A wannan hanya, guda ɗaya ya zama `NULL`, duka sun zama `NULL`. Duk wanda ba shi da laƙabi sai gurbin sunansa ya fito wayam. Wannan na gan shi da wuri, domin ido ba ya tsallake fili a inda ya kamata a ga suna. Da a cikin `WHERE` yake, ana neman mutum da cikakken sunansa, da ba zan gani ba: za a ce kawai ba a sami mutumin ba.

Mai saurin hannu zai ce a koma ga `CONCAT`, tunda duka rumbunan suna da shi. Suna da shi, amma ku saurara. `CONCAT` na MySQL yana mayar da `NULL` idan ɗaya daga cikin abin da aka ba shi `NULL` ne. `CONCAT` na SQL Server, wanda ya zo a na 2012, yana ɗaukar `NULL` a matsayin rubutu marar komai, ya ci gaba da haɗawa. Na PostgreSQL ma haka yake yi. Suna ɗaya, rubutu ɗaya, hali kishiyar juna. Kuma ko a inda ya yi muku sauƙi, yana barin tazarar da kuka sa. Wanda ba shi da sunan uba amma yana da laƙabi zai fito da tazara biyu a tsakiyar sunansa. Ido ba ya kama wannan, amma duk wani wuri da ake kwatanta sunan da wanda aka adana a da, za su ƙi haɗuwa.

Hanyar da na zauna a kanta ita ce in juya halin `+` ya yi mini aiki:

```sql
suna + COALESCE(' ' + sunan_uba, '') + COALESCE(' ' + lakabi, '')
```

Idan babu laƙabi, `' ' + lakabi` ya zama `NULL`, tazarar ta tafi tare da shi, sai `COALESCE` ya cike gurbin da rubutu marar komai. `COALESCE` yana cikin ƙa'idar SQL ta bai ɗaya, yana nan a MySQL da SQL Server da PostgreSQL da Oracle, don haka ya fi `IFNULL` da `ISNULL` da `NVL` daɗin ɗauka daga wuri zuwa wuri.

Alamomin haɗawar su kansu suna da haɗari idan suka bar gidansu. A ƙa'idar SQL, `||` ita ce alamar haɗa rubutu, kuma haka take a PostgreSQL da Oracle da SQLite. A MySQL kuwa, in ba a kunna `PIPES_AS_CONCAT` ba, ma'anarta “ko” ce ta sharaɗi. Kuka kai masa `suna || sunan_uba`, zai ba ku 0 a gurbin suna, tambayar kuma ta wuce. Kuka kai masa `+`, zai yi ƙoƙarin mayar da sunayen lambobi ya tara su, ya sake ba ku 0. Shi ma SQL Server `+` ɗinsa fuska biyu gare ta. Lambar rasit a kamfanin nan haɗi ce ta lambar reshe, wadda aka adana a matsayin rubutu, kamar `'02'`, da lambar jeri, wadda lamba ce ta gaske, kamar 115. Ana son `02115`. Idan aka haɗa rubutu da lamba da `+`, SQL Server yana fifita lamba, sai ya mayar da `'02'` ta zama 2, ya tara, ya ba da 117. Da rubutun haruffa ne da ya kasa mayar da shi ya yi ƙorafi. Da yake ya yi kama da lamba, sai ya wuce lami lafiya. Duk lambar da za ku haɗa da rubutu, ku fara mayar da ita rubutu da kanku da `CAST`.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman mu masu rubuta Hausa. Haruffanmu masu ƙugiya, ɗ da ƙ da ɓ, a SQL Server gurbinsu `nvarchar` ne, kuma rubutun da kuka sa da hannu cikin tambaya yana buƙatar `N` a gabansa, kamar `N'Ɗan '`. Kuka manta da ita, harafin yana iya lalacewa tun kafin a haɗa shi da komai. Ku sa suna mai ƙugiya cikin abin gwajinku koyaushe.

Saura yanke layuka, wanda kowa ke ɗauka shi ne mafi sauƙi. Dalilin da ya sa kowane rumbu yake da tasa hanya shi ne ƙa'idar SQL ta daɗe ba ta faɗi yadda za a ce “kawo goma na farko” ba, sai a ta 2008 ta zo da `FETCH FIRST`. Kafin nan kowa ya riga ya ƙirƙiri nasa: MySQL da PostgreSQL suna da `LIMIT`, SQL Server yana da `TOP`, Oracle yana da `ROWNUM`. SQL Server ya karɓi `OFFSET` da `FETCH` a na 2012, Oracle a 12c. MySQL yana nan a kan `LIMIT` ɗinsa.

`LIMIT 20, 10` yana nufin a tsallake 20 a ɗauki 10. Lambar farko ita ce ta tsallakewa. Na sha ganin an karanta shi a juye, aka ɗauki 20 bayan an tsallake 10, kuma dalilin ruɗin a fili yake, domin a ɗaya salon, `LIMIT 10 OFFSET 20`, adadin ɗauka ne ke zuwa farko. Tun kuna cikin MySQL ku saba da salo na biyun, ya fi fayyace kansa, kuma PostgreSQL da SQLite suna karɓarsa yadda yake. A SQL Server `TOP` ba ya tsallakewa, na farko kawai yake kawowa, don haka shafi na uku sai da `OFFSET 20 ROWS FETCH NEXT 10 ROWS ONLY`, wanda ba ya aiki sai da `ORDER BY`.

Wanda aikinsa ya kai shi ga tsohon Oracle ya yi hattara da `ROWNUM`. Ana raba wa layuka wannan lamba ne kafin a jera su. Idan kuka rubuta `WHERE ROWNUM <= 10` sannan `ORDER BY` a tambaya ɗaya, zai kwashi goman da ya fara cin karo da su, sannan ya jera waɗannan goman. Sakamakon zai fito a jere tsaf daga babba zuwa ƙarami, amma ba su ne goman da suka fi daɗewa ba. Dole a fara jerawa a tambaya ta ciki, sannan a yanke a ta waje.

Matsalar da ta fi wahalar da ni a wannan ɓangare ba ta cikin kalmomin ma. Bayan na gyara komai, ma'aikaciyar da ke kiran mutane ta zo ta ce, “Malam, akwai wanda na gani a shafi na biyu, na sake ganin sa a na uku.” Na duba, haka ne. Inda kuwa wani ya fito sau biyu, akwai wanda bai fito ba sam.

Dalili shi ne 'yan kasuwa da yawa ƙarshen wata suke yin alkawari. Mutum 14 suna da ranar biya ɗaya, don haka kwanakinsu ɗaya. Tambayar ta ce a jera da kwanaki, ba ta ce komai ba a kan waɗanda suka yi kunnen doki. Rumbu yana da 'yancin jera su yadda ya ga dama, kuma kowane shafi tambaya ce sabuwa, ba dole ya maimaita jerin da ya yi ɗazu ba. Idan iyakar shafi ta faɗa tsakiyar waɗannan 14, komai na iya faruwa. Wannan rauni yana cikin tambayar tun tana MySQL. Sa'a ce ta rufa mata asiri shekaru, domin yadda tsohon rumbun yake karanta teburin ya sa suna fitowa a jeri ɗaya kullum. Sauya rumbu bai kawo cutar ba, tona ta ya yi. Gyaran ƙarami ne: a ƙara wa `ORDER BY` wani ginshiƙi da babu layi biyu da suka yi tarayya a cikinsa, wato lambar bashin. Duk inda kuka ga ana yanke layuka, ku tambayi kanku ko jerin zai iya yin kunnen doki.

Ga yadda tambayar ta ƙare:

```sql
DECLARE @yau date = '20240315';
SELECT suna + COALESCE(' ' + sunan_uba, '')
            + COALESCE(' ' + lakabi, '') AS cikakke,
       DATEDIFF(day, ranar_biya, @yau) AS kwanaki
FROM bashi
WHERE ranar_biya < DATEADD(day, -30, @yau)
ORDER BY ranar_biya, lamba
OFFSET 20 ROWS FETCH NEXT 10 ROWS ONLY;
```

Ku lura na fitar da “yau” waje. A wurin aiki manhaja ce ke miƙo ta, da agogon garin da kamfanin yake. A wurin gwaji kuwa ina iya tsayar da ita a rana ɗaya, in ba tsohon rumbu da sabo rana iri ɗaya, in kwatanta amsoshinsu. Tambayar da ke duba agogo da kanta ba ta gwaduwa, domin amsarta ta yau ba ita ce ta gobe ba.

Tun daga wancan aiki, ba na fara taɓa tambaya sai na rubuta ma'anarta da Hausa a takarda, ba tare da kalmar SQL ko ɗaya ba: “waɗanda ranar biyansu ta wuce da kwana 31 ko fiye, wanda ya fi daɗewa a sama, daga na 21 zuwa na 30.” Ina kai wa mai amfani da rahoton ya karanta ya ce haka ne ko ba haka ba. Daga nan sai in gina ƙaramin tebur, layi goma sha biyu zuwa ashirin, iri ɗaya a rumbunan biyu, in cika shi da masu wuyar sha'ani da gangan. Akwai wanda kwanansa 30 cif, da wanda nasa 31. Akwai wanda ranarsa ba ta zo ba, saura wata biyu, domin shi ne zai kama juyewar lissafi. Akwai marar laƙabi, da marar sunan uba, da mai suna da ƙugiya. Akwai 31 ga Janairu da 29 ga Fabrairu. Akwai kuma mutum biyar masu rana ɗaya, in rage girman shafi zuwa uku don iyaka ta raba su. Kafin in aika tambayar, ina rubuta amsar da nake tsammani da biro. Wannan matakin ne mutane ke tsallakewa, kuma idan aka tsallake shi ido yana yarda da duk abin da ya gani.

Sai bayan wannan nake zuwa ga bayanan gaske. Ina cire yankan shafi, in duba adadin layuka da jimillar kuɗi a rumbunan biyu. Idan sun yi daidai, in fitar da sakamakon biyu zuwa CSV in kwatanta su layi da layi da `diff`, ba da ido ba, domin tazara biyu da tazara ɗaya na'ura ce ke bambance su. Da a ce na duba jimillar kuɗin nan kawai a karon farko, aikin da bai wuce minti biyu ba, da na ga ba su yi kusa da juna ba, da ba a ɗaga waya an kira hajiya ba.

Mai kamfanin da kansa ya je shagonta ya ba ta haƙuri, ni ma na bi shi. Ta tambaye ni yadda aka yi kwamfuta ta yi mata ƙage. Na ce mata ba kwamfuta ba ce, ni ne na rubuta ranaku biyu a juye. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce in duba mata ranar biyanta tun da na zo. Na duba, tana nan yadda suka yi alkawari.